Rubutun Wasan Kwaikwayo: Gonar Gado

Yara, kowa a cikinku ya taɓa ganin wasan kwaikwayo, ko a filin lakwal ranar biki, ko a talabijin, ko kuwa ya ji shi a rediyo. Ƙasarmu ta Arewa ba a bar ta baya ba a wannan sana'a. Yazi Dogo, wanda sunansa ya zagaye Nijar saboda wasa da Hausa, ɗan Arewa ne, ya kuma yi aikin malamin makaranta. Ya yi suna tare da ƴan wasan gidan rediyon Damagaram. A shekarun 1970 da 1980 samariyar garuruwa ma sun yi ta shirya wasanni, suna kai su gasa a bikin matasa na ƙasa.

Yawancin waɗannan ƴan wasa ba su rubuta kowace kalma ba. Sukan zauna su shirya labari, su raba wa kowa matsayinsa, sa'an nan kowa ya faɗi magana da bakinsa. Wannan yana yiwuwa ga mutanen da suka saba da juna. Amma in kana Tibiri, kana son ƴan lakwal na Matankari su yi wasanka ba ka wurin, dole ka rubuta shi.

Rubutaccen wasa yana da abu biyu. Akwai zance, wato abin da ɗan wasa zai faɗa. Akwai kuma bayanin motsi, wato abin da zai yi: ya tashi, ya zauna, ya kau da kai, ya yi shiru. Bayanin motsi cikin baka ake sa shi, ba a karanta shi ga masu kallo. A darasin Faransanci za ku ji ana ce masa didaskali. Yara da yawa suna tsammani aikinsa kawai shi ne ya ce wane ya shigo, wance ta fita. Yau za mu ga yana iya ɗaukar maganar da baki ya kasa faɗa.

Me ya sa muka zaɓi gado?

Domin gardamar gado tsakanin wa da ƙanwa ba irin ta kasuwa ba ce. A kasuwa kowa yana faɗin abin da yake so. A gida kuwa akwai kunya, akwai kara. Ƙanwa ba ta duban tsabar idon wanta ta ce, "Ba ni rabona." Wa kuma ba ya son ƙanwarsa ta san ya gaza. Sai su yi ta zancen ruwa da awaki, alhali kowa ya san abin da ake nufi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mai rubuta wasa yana tambayar fuska, yana tambayar hannu da ƙafa kuma.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka san lissafin abin da ake gardama a kansa. A shari'ar Musulunci ba a raba gado sai an yi wa mamaci sutura, an biya bashin da ke kansa, an cika wasiyyarsa, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya. Bayan haka, in ya bar ƴaƴa, matarsa tana da kashi ɗaya cikin takwas. In iyayensa sun riga shi, abin da ya saura na ƴaƴa ne, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu.

To, a wasanmu mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya, ɗiya ɗaya, iyayensa kuwa sun riga shi. Gonarsa, in an auna faɗinta da igiya, igiya 24 ce. Ku ɗauki alli. 24 a raba takwas, 3 ke nan, rabon uwa. Saura 21. A kasa su uku, kowane kashi 7. Ɗa ya ɗauki 14, ɗiya ta ɗauki 7. Ku riƙe wannan bakwai ɗin, za ku sake gamuwa da ita.

Amma akwai al'ada. A ƙauyuka da yawa ba a yanka gandu. Babban wa ne ke riƙe shi, a yi noma tare, a ci daga rumbu ɗaya. Ɗiya mace sau da yawa akan ba ta dabba ko hatsi, ko a ara mata ɗan wuri, don an ce gidan miji za ta. Da can daji yana da yawa. Da mutane suka ƙaru, gona ta yi wuya, sai maganar ta yi zafi. Saboda haka wa yana da abin da ya dogara da shi, ƙanwa ma tana da nata. Wasan da ɗaya ke da gaskiya duka, ɗayan kuma mugu ne tsantsa, ba ya daɗi, masu kallo sun san ƙarshensa tun daga farko.

Abu na ƙarshe, ka ba kowannensu abin da yake ɓoyewa. Ƙanwar ta yi jinyar ubansu shekara biyu, wan yana ci-rani, wannan yana ci mata rai ba ta faɗa ba. Shi kuma ya san wani abu game da fadamar gonar, wurin da ya fi kyau, inda ake rogo da rake. An jinginar da ita. Jingina ita ce ka karɓi kuɗi, mai kuɗin ya riƙa noma gonarka har ranar da ka mayar masa. Tun dokar karkara ta 1993 aka fara kafa kwamitocin gonaki, suna ba da takardar shaida in an yi saye, ko aro, ko jingina.

Ga wasan. Sunayen ƙagaggu ne.

GONAR GADO

Ƴan wasa: Bawa, mai shekara 40. Tani, ƙanwarsa, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Inna, uwarsu, tana takaba cikin ɗaki, ba a ganinta.

Wuri: tsakar gida, a wani ƙauye cikin Dallol Mawri, kusa da Tibiri.

Lokaci: bazara, bayan la'asar, kwana biyu bayan sadakar arba'in.

(Tabarma a ƙarƙashin rumfa. A tsakiyarta an shimfiɗa buzun marigayi, ba kowa a kansa. Bawa yana zaune a bakin tabarma, yana buga ƙotar hauya da dutse. Tani ta fito da ƙwaryar fura.)

TANI: Sannu da aiki, Yaya.

BAWA: Yauwa, sannu. (Bai ɗaga kai ba.)

TANI: (Ta durƙusa, ta ajiye ƙwaryar gabansa.) Ga fura. Da nonon saniyar Baba aka dama.

BAWA: Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake. (Ya tura ƙwaryar gefe da bayan hannu.)

(Tani ba ta ɗauke ta ba. Ta je jikin danga, ta sauko da wata doguwar igiya. Ta zauna a ɗaya bakin tabarmar. Buzu yana tsakaninsu.)

BAWA: Me za ki yi da igiyar Baba?

TANI: Akuyata ce ta tsinke tata.

(Ta fara warware igiyar.)

BAWA: Akuya guda, igiya nawa take bukata?

TANI: Daidai nata, Yaya. Ba ta son na kowa.

BAWA: (Ya buga ƙota da ƙarfi, sau biyu.) Mutanen gidanku ba su yi kewarki ba? Kwana arba'in da biyu ba kaɗan ba ne.

TANI: Shekara biyu da kwana arba'in da biyu.

(Inna ta yi tari cikin ɗaki. Su biyu suka dubi ƙofar. Daga nan suka rage murya.)

TANI: An ce ruwa ya sauka wajen Gaya.

BAWA: Haka na ji.

TANI: Na ajiye irin wake tiya huɗu, da itacen rogo. Ban san inda zan kai su ba.

BAWA: Gandu ɗaya, rumbu ɗaya. Haka Baba ya tarar, haka ya bari. Igiya ashirin da huɗu, in aka sa mata wuƙa, ai ta zama tsumma. In kaka ta yi, zan aiko miki da damma. Yaranki ba za su kwana da yunwa ba.

TANI: Allah ya saka da alheri, Yaya.

(Tana auna igiyar da gaba, a hankali, leɓenta yana motsi. Da ta kai gaba bakwai, ta ƙulla ƙulli, ta ja shi tam. Ta ajiye ƙullin kusa da ƙafar Bawa. Bawa ya janye ƙafarsa.)

TANI: Jiya na bi ta fadama.

(Dutsen ya tsaya a hannun Bawa.)

TANI: Na tarar da yaran Alhaji suna sassabe. Na gaishe su. Suka ce mini sannu da zuwa.

BAWA: (Hannunsa ya tafi aljihun ƙirji, ya dafa shi, ya sauke.) Aro ne.

TANI: Aro. (Aljihun take kallo.)

BAWA: (Ya miƙe, ya kakkaɓe riga.) Bari in leƙa masallaci.

TANI: (Ta dubi inuwar rumfa.) Ba a yi kira ba. In nafila ce, ga buzu. Ai kai ne mai gida yanzu.

(Bawa ya dubi buzun. Ya ɗaga ƙafa kamar zai taka, ya fasa. Ya koma ya zauna, wannan karo a ƙasa, ba kan tabarma ba. Shiru.)

TANI: Yaya, sayar da ita ka yi?

(Shiru mai tsawo. Bawa ya ciro takarda a ninke daga aljihu. Bai miƙa mata ba. Ya ɗora ta kan buzu.)

BAWA: Jingina ce. Jika ɗari da hamsin. Mota zuwa Doso sau biyu, da gado, da magani.

TANI: Ka ce kuɗin Kwatano ne.

BAWA: (Yana kallon takalminsa, wanda aka ɗinke da zare.) Kwatano ko kuɗin motar dawowa ba ta ba ni ba.

(Tani ta ɗauki takardar, ta buɗe. Ta riƙe ta a juye. Bawa ya gani, bai gyara mata ba. Idonta ya tsaya wuri guda. Ta juya takardar daidai, ta ɗora babban yatsanta a wurin.)

TANI: Ɗan yatsan Baba ne. Ga tabon lauje nan a tsakiya.

BAWA: Shi ya dangwala.

TANI: Ni nake yanke masa farce kowace Juma'a. Bai taɓa faɗa mini ba.

BAWA: Ya ce kada a faɗa miki. Ya ce awakinki za ki sayar.

(Tani ta juya masa baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Bawa ya miƙa hannu wajenta, bai kai ba, ya ɗauki hauyarsa. Can sai Tani ta juyo, ta kori ƙuda daga furar, ta rufe ta da faifai.)

TANI: Awaki uku ne. Biyu suna da ciki.

BAWA: Bar awakinki.

TANI: Ba kyauta zan yi ba. (Ta ninke takardar, ta sa ta ƙarƙashin buzu. Ta tura ƙullin igiyar da yatsa har ya taɓa gwiwarsa.) Bashi da fari. Haka liman yake cewa.

BAWA: (Ya ɗauki ƙullin, yana juya shi. Bai kwance ba.) Liman ba ya nan sai bayan kasuwa.

TANI: Ruwa ba ya jiran kasuwa.

(Bawa ya buɗe faifai. Ya sha ludayi ɗaya. Ya mayar da faifan. Iska ta taso.)

INNA: (Daga ɗaki.) Wa ke nan? A kwashe shanya, ga hadari.

(Su biyu suka tashi da sauri. Igiyar tana kan tabarma, da ƙullinta.)

Bari mu duba abin da aka yi

Ku sa hannu ku rufe duk abin da ke cikin baka, ku karanta zancen kawai, tun daga farko har wurin da Bawa ya ce zai leƙa masallaci. Me kuka ji? Gaisuwa, fura, akuya, ruwan sama, addu'a. Baƙo zai ce waɗannan ƴan'uwa suna zaman lafiya. Yanzu ku ɗauke hannu ku sake karantawa. Gardama ce tun daga layin farko. Ku lura kuma, ba wanda ya ce a raba gado. Kalmar ta fito sau ɗaya tak a bakin Bawa, ita ma gadon asibiti yake nufi.

Da an rubuta shi haka fa?

TANI: Yaya, ka ba ni gadona, igiya bakwai.

BAWA: Ba zan ba ki ba, don na jinginar da fadama, kuma ina jin kunya.

Wasa ya ƙare cikin layi biyu. Ban da haka ma, wa ya taɓa jin ƙanwa ta yi wa wanta magana haka, uwarsu tana takaba a bayan asabari? Inna ba ta fito ba ko sau ɗaya, amma tarinta ya yi aiki babba. Shi ya hana su ɗaga murya. Da murya ta rasa hanya, sai maganar ta bi ta hannu. In za ku rubuta naku, ku nemi dalilin da zai hana mutanenku faɗin abin da ke ransu: babba yana kusa, ko baƙo yana zaune, ko ana cikin makoki.

Wurin da bayanin motsi ya fi ƙarfi shi ne inda ya saɓa wa zance. Tani ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya." Baki ya yi godiya. Hannu kuwa ya auna gaba bakwai ya ƙulla. Wanda ya ji Bawa ya ce ashirin da huɗu, ya kuma iya lissafin da muka yi ɗazu, ya san abin da bakwai take nufi. Wanda bai iya ba ma ya ga ana awo, ya san ba don akuya ake yi ba. Haka kuma Bawa ya ce, "Aro ne," hannunsa ya tafi aljihu. Da a ce ya faɗi haka ya gyaɗa kai, motsin bai ƙara komai ba, maimaici ne kawai. Motsin da ya faɗi abin da baki ya riga ya faɗa, a goge shi.

Ga ƙa'idar da yara suka fi karyawa. Bayanin motsi ba ya ɗaukar komai sai abin da ido zai gani ko kunne zai ji. Yaro yakan rubuta: (Bawa ya tuna da bashi, kunya ta kama shi, yana tsoron kada ƙanwarsa ta raina shi.) To, ɗan wasa ya karanta, me zai yi? Tunani ba a ganinsa daga benci. Wannan rubutun labari ne, ba na wasa ba. Mai rubuta wasa sai ya tambayi kansa: mutumin da kunya ta kama, me jikinsa yake yi? Yana kallon takalminsa. Yana neman dalilin barin wurin, ko da lokacin salla bai yi ba. Yana ajiye takarda a ƙasa maimakon ya miƙa ta hannu da hannu.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwadawa. Ka kira abokinka, ka karanta masa bayanin, ka ce ya yi shi ba tare da ya buɗe baki ba. In ya tashi ya yi nan take, bayanin ya yi. In ya tsaya yana tambayarka, "To, yaya zan yi?" ka koma ka gyara. Kalmomi irin su ya tuna, ya ji, ya gane, yana so, su ne alamar ciwon. Duk inda ka gan su cikin baka, ka tsaya ka duba.

Yanzu ku ƙirga kayan da ke cikin wasan. Ba su da yawa: fura, igiya, buzu, takarda, sai hauyar da Bawa yake ɓuya a bayanta. Kowanne yana dawowa, kuma in ya dawo an sami canji. Ku bi furar kaɗai. Da fari an ture ta. A ƙasarmu, wa ya ture furar ƙanwarsa ba ƙaramin abu ba ne, kowa ya san ba ƙoshi ba ne. Tani ta ƙi ɗauke ta, wato ba ta karɓi korar ba. Bayan ta ga yatsan ubanta, ta kori ƙuda ta rufe furar, har yanzu tana kula da abin da wanta zai sha. A ƙarshe ya sha. Amma ludayi ɗaya ya sha. Da ya shanye ƙwaryar, da an ce komai ya wuce. Ludayi ɗaya yana cewa an soma, ba a gama ba.

Buzun kuwa shi ne uban. Ba wanda ya zauna a kansa. Da Tani ta ce, "Ai kai ne mai gida yanzu," a baki girmamawa ce, a ciki kuwa hannunka mai sanda ne: in ka isa, taka. Bawa ya kasa takawa, ya koma ƙasa. A ganina nan ne tsakiyar wasan. Mutumin da ya soma a kan tabarma yana ba da umarni, ga shi a ƙasa. Shi ya sa tambayar Tani ta zo daidai nan. Ita kaɗai ce maganar da ta fito fili tsirara: "Sayar da ita ka yi?" Da ta yi ta tun farko, da Bawa ya yi fushi ya fita. An ɓoye, an ɓoye, sa'an nan aka saki guda ɗaya, don haka ta yi nauyi.

Ku lura da aljihu kuma. An nuna hannu ya dafa shi tun kafin takarda ta fito. Masu kallo sun riga sun ce a ransu, akwai wani abu a aljihun nan. In abu zai yi aiki a ƙarshe, a nuna inuwarsa tun da wuri. In ba haka ba, sai a ce mai wasa ya ciro shi daga sama.

Wani kuskure shi ne yawan motsi. Yaro ya ji an yabi bayanin motsi, sai ya sa shi bayan kowane layi: ya sosa kai, ya yi hamma, ya gyara hula, ya kori kaza. In kowane motsi yana da baka, masu kallo ba za su san wanda za su kula da shi ba, ƙullin igiya zai ɓace cikin hamma. Ku ga yadda aka bar wasu layuka haka nan. "Haka na ji." "Shi ya dangwala." Ba su bukatar komai. Ɗan wasa ma yana da hankali, a bar masa nasa.

Wannan dabara tana da iyaka. A filin lakwal, wanda ke layin baya ba zai ga tabon lauje a kan takarda ba. Dole Tani ta faɗe shi da baki, shi ya sa aka ba ta wannan layi. In fim ne, ana iya kawo na'urar ɗaukar hoto kusa, a nuna yatsan, ita kuwa ta yi shiru. Awon igiya kuwa babban motsi ne, hannu biyu a buɗe, ana ganinsa daga nesa, in dai mai wasan ta yi shi a hankali har mutane su ƙirga tare da ita. A rediyo ba a ganin komai. Can sai a mai da motsi ya zama ƙara: bugun dutse a kan ƙota, da tsayawarsa farat ɗaya lokacin da aka ambaci fadama, da ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Ƙullin igiya ba shi da ƙara, sai a nemi wani abu a madadinsa, kamar awon wake da tiya.

Aiki

Ku kasu biyu-biyu, ku yi wasan a gaban aji. Karo na farko ku yi shi yadda yake. Karo na biyu Bawa ya karɓi furar ya sha tun da fari. Ku faɗa wa malam abin da ya canza.

An rubuta zancen da Hausar littafi. In za ku yi shi, ku faɗe shi da bakin garinku, inda ake cewa tahi da hwadama.

Ku gyara wannan bayani ya zama abin da ido zai gani: (Tani ta ji haushin ubanta, amma tana kewarsa.)

A cikin kaye, kowa ya rubuta fitowa ta biyu, layi ashirin. Bayan kasuwa ne, liman ya zo, yana zaune yana jira. Bawa da Tani suna shimfiɗa masa tabarma. Kada ɗayansu ya ambaci gona, kuma kada kaya su wuce uku. Ɗaya daga cikinsu igiyar nan ce.